Na tsinci waya a cikin Keke, me zan rubuta a cigiyar?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ranar Talata bayan la'asar na hau Keke daga Wunti zuwa Yelwa, da zan sauka sai naga waya a lungun kujera, ni kaɗai na rage a baya sai na ɗauka. Wayan a kulle yake, hoton wata mata ne a skirin ba ɗankwali tana riƙe da jariri, a cikin rigan wayan kuma akwai katin ATM da takardan NIN a ninke. Ya mutu kafin na iso gida, na sa a caji na kunna amma har yanzu ba wanda ya kira. Ƙanin mijina yace na ɗauki hoton wayan da takardan na tura guruf ɗin unguwa, ko a kai wa masu gyara su buɗe mu ga lambobi. Maigidana kuma faɗa yake ta yi wai me ya kai ni ɗauka, kar na kuskura na sa lambana a ko ina, gara a kai wa ƴan sanda a huta. Ni dai tausayin matar nake ji, kuma tsoro nake kar ace sata nayi ko na ba wanda ba mai shi ba. Me zan rubuta?

Wata ƴar'uwa daga Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ɗaukar da kika yi ba laifi bane, da kin barta fasinjan da zai hau bayanki ne zai ɗauka kuma ba ki san ko waye ba. Sai dai tunda ta shigo hannunki ta zama amana, kuma amanar ba wayar kaɗai bace, har da fuskar matar nan da sunanta da kuɗinta na banki, don haka kafin mu zo kan rubutun bari mu fara da abin da ke hannunki yanzu.

Shirun da kike ji ba lallai bane don ba a nemanta. Wayar zamani in ta mutu aka sake kunna ta, tana nan a rufe ruf har sai an sa mata lambar sirri ko zanen nan sau ɗaya, kafin nan kiran WhatsApp baya shigowa, kuma ko kiran layi ya shigo sau da yawa lamba ce zalla za ki gani ba suna. Ga shi kuma ta yi wani lokaci a kashe, watakila mai ita ta kira ta kira aka ce mata a kashe take, ta yanke ƙauna tace ɓarawo ya cire sim. Ki duba saman skirin ɗin. In kinga sandunan sabis to layin na raye, ki barta a kunne da caji kusa da ke, duk wanda ya kira ki ɗauka. In kuma kinga No service ko Emergency calls only alhali taki wayar tana da sabis a ɗakin, to akwai alamar ta riga ta rufe layin, kira ba zai zo ba, sai dai cigiya. Ki gwada wani abu ɗaya kuma wanda baya buƙatar buɗe waya: a wurin sa lambar sirri akwai Emergency, ki taɓa, a wasu wayoyin za ki ga Emergency information, a iPhone kuma Medical ID, wasu sukan ajiye lambar miji ko ta uwa a wurin. Mutanenmu ba su cika cike shi ba gaskiya, amma minti ɗaya ne.

In kira ya shigo kar ki fara zuba bayani. Kice wannan wayar tsintarta aka yi, dan Allah wa kike nema, ki bari mai kiran ya faɗi sunan da bakinsa ki gwada da wanda ke jikin takardar. Sai ki roƙe shi ya sanar da ita ko wani na gidansu. Wannan hanyar tafi duk wata cigiya sauri, domin wanda ya kira layin ya riga ya santa.

Ƙanin mijinki niyyarsa mai kyau ce, so yake a yi a gama, amma duka shawarwarinsa biyun ki ajiye su. Masu gyara yawanci ba buɗe waya suke ba, filashin suke mata, wato su goge komai, hotunan jaririn nan da lambobin da kuke son gani duk su tafi, daga ƙarshe kuma wayar ta tsaya tana neman akawun ɗin Google na mai ita. Sannan duk wanda ya ji an kai wayar tsintuwa wurin filashin ba zai ce neman mai ita ake ba. Haka ma dabarar da wasu ke yi ta cire sim a sa a wata wayar don a ga lambobi, ni bana ba ki ita. Kamfanin layi yana rubuta lambar jikin duk wayar da aka sa sim a ciki, ranar da aka ce kuɗi sun fita daga akawun ɗin matar nan, ko da wani ne can ya yi, wayarki ce za ta fito a bincike. Kuma sim ɗin nan ba ƙaramin abu bane, da shi kaɗai mutum zai danna `*565*0#` ya ga BVN ɗin mai layin, nan ne kuma lambobin tabbatarwa na banki suke sauka. Ki barshi inda yake.

Hoton takardar NIN kuwa shi ne ma ya fi tada min hankali. A jikinta akwai cikakken suna, lamba 11 ta NIN, hoton fuska da adireshi. In kika tura guruf mai mutum ɗari biyu, kafin magariba wani ya tura na ƴan makarantarsu, wata ta ɗora a sitatus, ya bar Bauchi gaba ɗaya, ko kin goge naki ba ki da iko da wanda ya riga ya sauke. Ƴan damfara irin wannan suke nema, su kira mutum da cikakken sunansa su karanto masa lambarsa ya yarda daga banki ne. Katin ATM ma haka, ko gaba ko baya kar a ɗauka. Sai hoton skirin. Matar nan a ɗakinta ta ɗauki hoton nan ba ɗankwali, don kanta da mijinta, ba ta ɗauka don mazan unguwar da ba ta sani ba su yi ta zuƙowa suna kallo, kuma kin san halin wasu mazan, wayar za ta dawo amma rigimar hoton ta fi ɓatan wayar zafi a gidan. Ga wata illar kuma da mutane ba sa lura: duk abin da kika nuna a hoto kin ba maƙaryaci amsa. In kowa ya ga launin wayar da tsagewar gilashinta da rigarta, me ya rage da za ki tambayi wanda ya zo yace tasa ce?

Wannan ba sabuwar dabara bace ma. A hadisin tsintuwa da Zaidu ɗan Khalid ya ruwaito, wanda ke cikin Bukhari da Muslim, an umarci mai tsintuwa ya san jakar abin da igiyar da aka ɗaure shi, sannan ya yi cigiya shekara guda, in wani ya zo ya siffanta su a ba shi. Kin ga ke ce za ki riƙe siffar a ranki, mai nema ne zai faɗe ta. Malaman Malikiyya ma sun fi son mai cigiya ya dunƙule maganar kar ya tsaya fayyace irin abin. To a waya ma haka ne, ki faɗi abin da zai sa mai ita ta gane da ita ake, ki ɓoye abin da ita kaɗai za ta iya faɗa. Rana, lokaci da hanya sun ishe ta ta gane kanta, domin mata nawa ne suka yar da waya a Keken Wunti zuwa Yelwa ranar Talata da yamma? Ga yadda ni zan rubuta:

"Cigiya. An tsinci wayar hannu a cikin Keke Napep da ya taso daga Wunti zuwa Yelwa, ranar Talata 14 ga wata, tsakanin la'asar da magariba. Wayar tana nan a ajiye lafiya, ba a buɗe ta ba, ba a cire komai ba. Mai ita ko wanda ya san mai ita ya kira wannan lambar daga 9 na safe zuwa 6 na yamma. Za a nemi ya faɗi irin wayar da abin da ke tare da ita, kuma ya buɗe ta a gaban shaida. Ba a buƙatar ko sisi. Dan Allah a taimaka a tura gaba."

Ki sa ainihin kwanan watan da kika tsinta, har da sunan watan, kar ki rubuta "jiya" ko "shekaranjiya", saboda irin wannan saƙon yakan yi wata uku yana yawo, kullum jiya ce. Ban sa sunan kamfanin wayar ba da gangan, ban sa launi ba, ban ce ta mace bace, ban ambaci kati ko takarda ba sai dai "abin da ke tare da ita". Wanda ya ji akwai ATM a ciki kwaɗayinsa ya ninka. Maganar buɗewa a gaban shaida kuma tana korar masu gwada sa'a tun kafin su kira, "ba a buƙatar ko sisi" ɗin nan ita kuma tana kare matar ne, don akwai masu ganin cigiya su kira mai abu suce wayarki na hannunmu turo kuɗin mota. In kwana biyu uku suka wuce shiru, za ki iya ƙara abu ɗaya, sunanta na farko kawai, kice ana zaton mai ita sunanta wance. Sunan mahaifi da unguwarsu ki riƙe, su ne tambayarki.

Maigidanki yana da gaskiya a kan lamba, ki bashi wannan. Lambar matar aure a saƙon da zai zaga gari, kiran banza za ki yi ta sha har tsakar dare. Ki nemi ya sa tasa, in ya ƙi a sa ta ƙanin nasa tunda dama yana da zafin abin, ko ta admin ɗin guruf ɗin in dattijo ne da aka sani, shi ya tura da kansa ba tare da sunanki ba. Faɗan da yake yi ma inaga tsoro ne, ya san yadda ake bin sawun waya a zo a kwashi mutum, kuma ba ƙarya yake ba, mai Android tana iya shiga Find Hub, wanda a da ake kira Find My Device, ta wata wayar, mai iPhone ta shiga Find My, su ga unguwar da wayar take. Maganin wannan shaida ne tun da wuri. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ku je shi da ke ko shi kaɗai wurin mai unguwarku, a nuna masa wayar, a faɗa masa ranar da wurin da aka tsinta. Cigiyar da kuka tura ita ma tana ɗauke da ranarta da lokacinta. In wani ya buga ƙofa da ɗan sanda, kuna da dattijo da rubutu da suka riga shi. In kika kawo masa maganar ta wannan fuskar, cewa cigiyar ce kariyarsa, zai fi saurin saukowa fiye da ki tsaya kina kare dalilin ɗaukarki.

Kai wa ƴan sanda kuma ba mummunar shawara bace, ina dai ganin ba ita ce ta farko ba, saboda matar ba ta san wane ofishi za ta nufa ba, wayar kuma za ta mutu a durowa ba mai ɗaukar kira. In hankalinsa ya ƙi kwanciya, ko mako ya wuce ba labari, to ya kai da kansa da rakiyar wani, ya tabbatar an rubuta a littafi da irin wayar da abin da ke cikinta, ya riƙe sunan wanda ya karɓa, sannan ku sake cigiya kuce tana ofishi kaza.

Kar ki tsaya ga guruf ɗin Yelwa kaɗai, domin ba lallai ƴar Yelwa bace, tana iya sauka tun a hanya. Wanda ya yar da abu a Keke inda ya hau yake komawa, don haka a bar saƙo wurin shugabannin masu Keke na Wunti, da lambar da kuka zaɓa. Akwai ma wani bawan Allah a cikin maganar nan da ba ki ambata ba, direban. Watakila yanzu haka shi ake zargi, saƙonku zai wanke shi. Takardar NIN ɗin ma tana da amfani ba tare da an yaɗa ta ba: ki karanta adireshin, in ta nuna unguwa kamar Jahun ko Nasarawa ko Fadaman Mada, mai unguwarku ya kira takwaransa na can yace akwai wance ƴar wane, su sun san gidaje. Adireshin yana iya zama na gidan iyayenta kafin aure, ba komai, can ma za a kai gare ta. Katin kuma maigidan zai iya kai shi reshen bankin da ke jikinsa, ba za su ba shi bayaninta ba kuma daidai ne, amma za su karɓa. Ni dai da zan jinkirta wannan ɗan kwana biyu, don katin yana cikin abin da za ki gwada mai nema da shi. In za a faɗa a masallaci a yi a ƙofa bayan an fito, cigiya a cikin masallaci an hana.

Yanzu a ce an kira. Mace ce, murya na rawa, tace wayarta ce. Kar a ce mata "baƙa ce ko?", a ce wace iri ce, wane launi, me ke kan skirin, me ke cikin rigar, a ina kika sauka. Mai abu ba ta lalube, kafin a gama tambaya ta wuce gaba, har tsagewar da ke gefe za ta faɗa. Maƙaryaci shi ne mai cewa "Tecno ce ko Infinix, na manta, ta ƙanwata ce", ko mai fushi da tambaya, ko mai gaggawar a haɗu yanzu yanzu da dare zai yi tafiya. A tambaye ta lambar layin da ke ciki, in layin na raye ku kira ku ga ko wayar za ta yi ƙara a hannunku. Amma wannan kaɗai bai isa ba, duk wanda ya santa ya san lambarta. Kuma duk wanda yace an turo wata lamba a wayar ko a taku wayar ku karanto masa, a kashe kiran, babu inda mayar da waya ke buƙatar haka.

Haɗuwa da rana, a ƙofar gidan mai unguwa ko wani wuri mai jama'a, ba a gidanki ba, ba kuma ke kaɗai ba. Ki miƙa mata ta buɗe da hannunta. Ki tuna tunda wayar ta mutu an kunna, yatsa ko fuska ba za su yi aiki ba a karon farko, sai lambar sirri ko zane, kar ki ga ta ɗora yatsa ya ƙi kice ƙarya take, kuma ki kawar da kai lokacin da take sawa. Ki dubi fuskarta ki dubi hoton takardar. In ta buɗe magana ta ƙare.

Inda abin ke ɗan wuya shi ne in namiji ya zo yace shi mijinta ne ko wanta, ita ba ta fita ko tana jego, wanda da jariri a hoto zai iya zama gaskiya. Kar a wulaƙanta shi, amma kar a miƙa masa don ya san sunanta, tsohon miji ma ya san suna, wanda suke rigima da ita ma ya sani. Ya kira ta ku yi magana mace da mace ta amsa tambayoyin nan, ta faɗa da bakinta cewa ita ta aiko shi. In ya zo da kwalin wayar ya fi, a jikin kwalin akwai IMEI, lamba 15 ce, mai sim biyu tana da guda biyu. Ana ganinta a waya in an danna `*#06#`, wasu wayoyin suna yarda a danna ta wurin kiran gaggawa ko a kulle suke, wasu kuma tana rubuce a bayansu ko a jikin abin sa sim. In wayar ta ƙi nunawa, mafi sauƙi ke da wata babbar mace ku bi shi da rakiyar ɗan aiken mai unguwa, ku shiga cikin gida ku ba ta hannu da hannu. Mai unguwa ya rubuta sunan wanda ya karɓa da lambarsa da ranar.

Tukwici in ta bayar don ranta ki karɓa ko ki bari, wannan naki ne, ke dai kar ki nema, kuma ki ja kunnen ƙanin mijin naki kar ya ce a kawo na caji. Abin da za ki yi mata wanda ya fi shi ne ki faɗa mata gaskiya cewa wayar ta yi ɗan lokaci a Keke kafin ta zo hannunki, ta duba akawun ɗinta, ta canza lambar sirrin katin, ta daina haɗa kati da takardar NIN da waya a riga ɗaya. In ta riga ta rufe layin sai ta je ofishin kamfanin da NIN ɗinta a dawo mata da shi. Daga nan ku koma duk inda kuka tura cigiyar ku rubuta layi ɗaya, "Alhamdulillah an samu mai wayar, an gode", ba sunanta ba hoton miƙawa, ku goge na farkon, a kuma sanar da masu Keken Wunti don su daina turo mutane.